Yadda Ake Ɓoye Bayanan Mai Jawabi Daga Allon Majigi

Manhajar PowerPoint tana ba mai jawabi damar rubuta wa kansa bayanan tuni a ƙarƙashin kowane shafi na gabatarwarsa. Tana kuma da wani tsari mai suna *Presenter View*, wanda yake nuna masa waɗannan bayanai a fuskar laftof ɗinsa, alhali mahalarta taro ba sa ganin komai a bango sai shafin da ake magana a kai. Tsarin ya daɗe a cikin manhajar, kuma tun fitowar PowerPoint 2013 yake zuwa a kunne. Duk da haka, a zaurukan lacca da wuraren bita ba a rasa ganin ɗayan abu biyu: ko dai mai jawabi ya juya wa jama'a ƙeya yana karanta bango saboda bayanansa sun ƙi fitowa, ko kuma bayanan da ya rubuta wa kansa su bayyana ɓaro-ɓaro a gaban kowa.

Yawanci laifin ba na PowerPoint ba ne. Matsalar tana farawa ne daga yadda kwamfutar ta ɗauki majigin da aka jona mata, don haka daga can ake fara gyara.

Fuska ɗaya ko fuska biyu

Idan aka jona majigi da laftof mai Windows, kwamfutar tana iya mu'amala da shi ta hanya huɗu. Ana ganin su idan aka danne maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows aka haɗa da harafin P, wato `Windows + P`. Wani siririn jeri zai fito a gefen dama ɗauke da *PC screen only*, *Duplicate*, *Extend* da *Second screen only*. Na farko yana barin hoto a laftof kaɗai, na ƙarshe kuma yana kashe fuskar laftof ya bar majigi kaɗai. Biyun tsakiya su ne abin lura.

A ƙarƙashin *Duplicate*, kwamfuta tana zana hoto guda ɗaya ne, sai ta aika da shi wuri biyu. Duk abin da ke fuskar laftof shi ne a bango, babu ragi babu ƙari. A wannan hali babu wata dabara da za ta sa bayanan tuni su fito a laftof ba tare da sun fito a bango ba, domin hoton ɗaya ne. Kuma wannan zaɓi ne Windows ya fi ɗauka da kansa a karon farko da aka jona majigin da bai sani ba.

A ƙarƙashin *Extend* kuwa, kwamfuta tana zana hoto biyu mabambanta. Ana iya kwatanta shi da tabarma biyu da aka shimfiɗa gefe da gefe: abin da aka ɗora a kan ɗaya ba ya kan ɗayar, amma ana iya jan kaya daga wannan zuwa waccan. Fuskar laftof ita ce ta farko, bangon da majigi ke haskawa shi ne na biyu, kuma a tsarin da Windows ya saba, ta biyun tana hannun dama da ta farko. Shi ya sa idan aka tura kibiyar linzami ta wuce bakin dama na fuskar laftof, sai a gan ta ta ɓulla a bango. *Presenter View* yana buƙatar wannan fili na biyu. Da ya samu, sai ya ajiye shafin gabatarwa a ɗaya, ya ajiye kayan aikin mai jawabi a ɗayan.

Akwai alama mai sauƙi da ake gane an shiga *Extend*. Bango zai nuna hoton bayan fuskar kwamfuta kawai, babu tagogin da ke buɗe a laftof. Mutane da yawa suna ganin haka sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka majigi ya lalace, su yi maza su koma *Duplicate*. Alhali wannan fankon fili shi ne shaidar cewa komai ya tafi daidai.

Waya da majigi

Kafin a kai ga saiti, dole kwamfuta ta san da zaman majigin. Tsofaffin majigai suna amfani da wayar VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi 15, wadda hoto kawai take ɗauka. Sababbi suna amfani da HDMI, mai ɗaukar hoto da sauti tare. Yawancin laftof na yanzu ba su da ramin VGA, wasu ma ba su da na HDMI sai USB-C, don haka ake buƙatar adafta. Adaftar HDMI zuwa VGA hanya ɗaya take bi, ba ta aiki idan aka juya ta, kuma ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, wani na caji da ɗaukar fayil ne kawai. Idan majigi ya nuna *No Signal*, abu na farko da ake dubawa shi ne maɓallin *Source* ko *Input* da ke jikinsa ko a rimot, domin yana iya zama yana jiran hoto ta wata ƙofa dabam da wadda aka jona.

Idan har yanzu shiru, sai a shiga *Settings*, a zaɓi *System*, sannan *Display*. A nan Windows yana zana kowace fuska a matsayin akwati mai lamba. Idan akwati ɗaya ne kawai mai lamba 1, kwamfuta ba ta ga majigin ba, sai a danna *Detect* ko a sake duba waya. Idan akwati ɗaya ne mai ɗauke da 1 da 2 a haɗe, ana cikin *Duplicate*. Idan akwati biyu ne gefe da gefe, ana cikin *Extend*. Maɓallin *Identify* yana fito da babbar lamba a kowace fuska, don a san wacce ce wacce.

A wannan shafi akwai wani ƙaramin zaɓi da ake yawan mantawa da shi, *Make this my main display*. Ya kamata fuskar laftof ta kasance ita ce babbar fuska. Dalili kuwa shi ne saƙonnin da ke faɗowa kwatsam, irin na imel ko na WhatsApp da aka haɗa da kwamfuta, a babbar fuska suke fitowa. Idan majigi ne ya zama babba, a bango za su fito, kowa ya karanta.

Saitin cikin PowerPoint

Bayan an tabbatar da *Extend*, sauran aikin kaɗan ne. A saman PowerPoint akwai sashen *Slide Show*. A cikinsa, can wajen dama, akwai rukuni mai suna *Monitors* da ke ɗauke da abu biyu. Na farko akwatin *Use Presenter View* ne, wanda ake sa wa alama. Na biyu jerin zaɓi ne mai suna *Monitor*, kuma a nan ake yawan yin kuskure, domin tambayar da yake yi ita ce: a wace fuska za a nuna wa jama'a shafukan? Ba ya tambayar inda bayanan mai jawabi za su fito. Wanda ya zaɓi *Primary Monitor* da nufin bayanansa su zauna a laftof, ya juya lamarin ke nan: shafukan za su cika fuskar laftof, bayanan tuni kuma su tafi bango. Abin da ya dace shi ne a bar shi a *Automatic*, ko kuma a zaɓi sunan majigin idan ya fito a jerin.

Daga nan sai a danna `F5` don farawa daga shafin farko, ko `Shift + F5` don farawa daga shafin da ake kai. A laftof da yawa maɓallan saman nan an ba su aikin ƙara haske ko rage sauti, don haka sai an haɗa da `Fn` kafin su yi aikinsu na asali.

Idan akwatin *Use Presenter View* ya dusashe ya ƙi karɓar alama, sai a buɗe *Set Up Slide Show* a duba nau'in nunin da aka zaɓa. Tsarin yana aiki ne da *Presented by a speaker (full screen)*. Fayil ɗin da aka karɓo daga hannun wani yana iya zuwa da wani zaɓin dabam, domin wannan saiti a cikin fayil yake zaune.

Akwai tambayar da mai lura zai yi a nan. Tun daga fitowar 2013, PowerPoint yana iya sauya kwamfuta daga *Duplicate* zuwa *Extend* da kansa da zarar an fara nuni, to mene ne amfanin yin haka da hannu? Amfanin yana bayyana ne a ƙarshen jawabi. Sababbin fitowar manhajar suna mayar da kwamfuta yadda suka same ta da zarar nuni ya ƙare. Idan a *Duplicate* suka same ta, to ana danna `Esc` bango zai koma nuna duk abin da ke laftof, wato tagar gyaran shafuka, da bayanan tuni a ƙasanta. Hakan kan faru ne daidai lokacin tambayoyi, lokacin da idon kowa yake kan allo. Wanda ya zaɓi *Extend* da hannunsa kafin ya fara ya tsira daga wannan, domin idan ya fita daga nuni, bango hoton baya kawai zai nuna. Saboda haka ya fi kyau kada a dogara da sauyin da manhaja ke yi da kanta, kuma ya kamata hoton bayan ya zama wanda ba a jin nauyin jama'a su gani.

Abin da mai jawabi yake gani

Fuskar *Presenter View* baƙa ce, an raba ta kashi uku. A hagu akwai babban hoton shafin da jama'a suke gani a lokacin. A dama ta sama akwai ƙaramin hoton abin da zai biyo baya, ko dai shafi na gaba, ko kuma layin da zai fito a danni na gaba idan an tsara rubutun ya riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. A dama ta ƙasa bayanan tuni suke. Ƙarƙashinsu akwai haruffan A guda biyu, babba da ƙarami, na ƙara girman rubutu ko rage shi. Layukan da suka raba waɗannan sassa ana iya jan su da linzami, don haka wanda ya fi buƙatar bayanai zai iya faɗaɗa wurinsu ya matse hoton shafi.

A saman babban hoton akwai agogo biyu. Na hagu yana ƙirga lokacin da aka ci tun fara nuni, kuma ana iya tsayar da shi ko mayar da shi sifili. Na dama yana nuna ƙarfe nawa ne. Agogon ƙirga yana tashi ne da zarar an danna `F5`, don haka wanda ya ɗora shafin farko tun ana gabatar da manyan baƙi sai ya mayar da shi sifili lokacin da aka miƙa masa lasifika.

Ƙarƙashin babban hoton kuma akwai 'yan maɓallai: alƙalami da ɗigon nuni, ganin dukkan shafuka a jere, kusanto da wani ɓangare na shafi, da baƙanta allo. Kibiyar linzami ta yau da kullum ba ta fitowa a bango muddin tana cikin fuskar laftof, don haka mai jawabin da ke zagaya wani adadi da ita yana cewa "ga shi nan", shi kaɗai yake gani. Sai ya danna `Ctrl + L` kibiyar ta zama jan ɗigo, wanda idan aka motsa shi a kan babban hoton zai fito a bango ma. Harafin `B` yana mayar da bango baƙi, ana sake danna shi hoto ya dawo, kuma bayanan tuni suna nan a laftof ba su gushe ba. Wannan yana da amfani idan ana son jama'a su dawo da idonsu kan mai magana. Idan kuma wani ya nemi a koma wani shafi, sai a buga lambarsa a danna `Enter`, ba sai an bi ta kan duk shafukan da ke tsakani ba.

Ana iya ganin wannan fuska ko babu majigi. Danna `Alt + F5` yana buɗe ta a laftof kaɗai, kuma da ita ya kamata a yi gwaji a gida.

Yadda aka rubuta bayanan ma yana da tasiri a kan amfanin tsarin. Ana rubuta su ne a filin da ke ƙarƙashin kowane shafi, wanda maɓallin *Notes* na ƙasan taga ke buɗewa. Filin da suke fitowa a lokacin jawabi ƙarami ne, kuma mai jawabi a tsaye yake, wataƙila taku ɗaya ko biyu daga tebur. Idan rubutu ya yi yawa, sai an gangara da shi da linzami ko da `Ctrl` haɗe da kibiyar ƙasa, rimot ɗin sauya shafi kuwa ba ya yin wannan aiki. Layi uku zuwa biyar gajeru, kowanne a sahunsa, sun fi dogon sakin layi amfani: adadin da ake tsoron mantawa, sunan da ke da wuyar faɗi, misalin da za a kawo, da jimlar da za ta kai ga shafi na gaba. Wanda ya zuba dukkan jawabinsa a wurin zai ƙare yana karatu kansa a sunkuye, kuma jama'a suna gane hakan nan take.

Misali daga zauren kare kundi

A ɗauki ɗaliba da za ta kare kundin bincikenta a gaban malamai. An ba ta minti 15, tana da shafi 12. Majigin sashen tsoho ne, mai VGA, hotonsa mai ɗigo 1024 a faɗi da 768 a tsaye. Laftof ɗinta kuwa HDMI kawai gare shi, fuskarsa mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye.

Tun a ɗaki ta danna `Alt + F5` ta yi gwaji da agogo, ta ga cewa ya kamata ta iso shafi na 6, inda sakamakon bincike ya fara, a minti na 7. Sai ta rubuta hakan a layin farko na bayanan shafin. Da wannan, kallo ɗaya zai gaya mata ko tana gaba da lokaci ko tana baya.

A zaure ta jona adafta, ta kunna majigi, ta zaɓi ƙofar VGA da maɓallin *Source*, wadda wasu majigai ke kira *Computer*. Nan take hoton laftof ɗinta ya fito a bango, shi kuma na laftof ɗin ya tsuke, baƙaƙen filaye suka bayyana hagu da dama, rubutu ya ƙara girma. Wannan alama ce ta *Duplicate*: tun da hoto ɗaya ake aikawa wuri biyu, dole kwamfuta ta sauko zuwa girman da majigi zai iya ɗauka. Ta danna `Windows + P` ta zaɓi *Extend*. Fuskar laftof ta koma yadda take, bango ya nuna hoton baya kawai, domin yanzu kowace fuska tana aiki da nata girman.

Ta buɗe fayil, ta duba *Slide Show*, ta ga alama a *Use Presenter View*, ta danna `F5`. Sai bayananta suka fito a bango, shafin farko kuma ya cika laftof. Ba sai ta fita daga nuni ba. A saman fuskar *Presenter View* akwai *Display Settings*, a cikinsa akwai *Swap Presenter View and Slide Show*, wanda ke musanya fuskokin biyu. Wahalar kawai ita ce maɓallin yanzu a bango yake, don haka sai ta tura kibiya ta bakin dama har ta ɓulla can, ta danna tana kallon bango. Fuskokin suka musanya. Da ta koma ta duba jerin *Monitor*, sai ta tarar yana kan *Primary Monitor*, ta mayar da shi *Automatic*. Da yake ta zo da wuri, duk wannan ya faru kafin malamai su shigo, kuma dalilin da ya sa ake gwadawa da majigin zauren kansa ke nan.

Abu ɗaya ya rage. Shafukanta masu faɗi ne, a ma'aunin 16:9 da PowerPoint ke farawa da shi tun 2013, majigin kuwa na 4:3 ne. Don haka a bango an sami baƙin fili sama da ƙasa, rubutu kuma ya ɗan ƙanƙance. Wannan ba lalacewa ba ce. Ana iya sauya ma'aunin a *Design*, ƙarƙashin *Slide Size*, amma yin haka dab da fara jawabi yana iya hargitsa jadawali da hotuna. Ta bar shi yadda yake, ta tanadi maɓallin kusantowa don jadawalin da lambobinsa suka yi ƙanana.

Abubuwan da kan taso ana tsakiyar jawabi

Mafi yawan ruɗani yana zuwa ne idan ana son nuna wani abu da ba ya cikin gabatarwar, kamar bidiyo ko jadawalin Excel. A *Extend*, sabuwar taga a laftof take buɗewa, jama'a ba sa ganinta. Maɓallin *Show Taskbar* da ke saman *Presenter View* yana fito da sandar ƙasa ta Windows don a zaɓi tagar, sannan `Windows + Shift` haɗe da kibiyar dama ko ta hagu yana cilla ta zuwa ɗaya fuskar. Idan nunin zai ɗauki lokaci, kuma ana buƙatar rubutu ko danne-danne a ciki, aiki da taga da ke bango yana da wuya. Gara a rufe duk abin da ba a son a gani, a koma *Duplicate* na ɗan lokaci, in an gama a dawo *Extend*. Bayan irin wannan fita, rimot yakan daina sauya shafi, saboda umarninsa yana tafiya ne ga tagar da aka taɓa a ƙarshe. Danni ɗaya a fuskar *Presenter View* yana dawo da shi.

Sauti ma yana da nasa. Da an jona HDMI, Windows yakan tura sauti zuwa majigi, wanda lasifikarsa ƙarama ce ko ma babu. Ana mayar da shi ta alamar lasifika da ke kusa da agogon kwamfuta.

Sai ɗaukewar wuta, wadda a garuruwanmu ba a shirya taro ba tare da an sa ta a lissafi ba. Laftof yana da batir, majigi ba shi da. Idan majigi ya mutu, sau da yawa Windows yakan ɗauka an cire fuska ta biyu, ya tattaro komai zuwa laftof. Idan aka tayar da janareta majigi ya dawo, Windows yakan tuna da *Extend* ɗin da aka zaɓa da hannu, amma nunin ba lallai ya koma bango da kansa ba. Hanya mafi tsabta ita ce a jira bango ya nuna hoton baya, a danna `Esc`, sannan `Shift + F5`, nuni ya ci gaba daga shafin da aka tsaya. Agogon ƙirga zai koma sifili, don haka sai a lura da inda ya kai kafin a fita. Yana da kyau kuma a riƙe bayanan a takarda: a *File*, ƙarƙashin *Print*, idan aka sauya *Full Page Slides* zuwa *Notes Pages*, kowane shafi zai fito da hotonsa a sama da bayanansa a ƙasa.

Akwai iyakar da saiti ba ya ƙetarewa. A wasu zauruka kwamfutar da aka jona da majigi tana can bayan ɗaki wurin mai kula da na'urori, don haka bayanan za su fito ne a gabansa, mai jawabi kuwa yana kan mumbari. Haka kuma fayil ɗin da aka mayar PDF ba shi da *Presenter View* ko kaɗan a manhajojin karatu na yau da kullum. A waɗannan halaye takarda ce mafita.

Sauran kwamfutoci da manhajoji

Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina, sunaye ne suka bambanta. A kwamfutocin Mac ana shiga *System Settings*, sannan *Displays*, a zaɓi majigi a matsayin *Extended display*. A tsofaffin fitowa kuma cire alama ake yi daga *Mirror Displays*. PowerPoint na Mac yana da maɓallin *Swap Displays* don musanya fuskoki, a Keynote kuwa harafin `X` ne ke yin wannan aiki. LibreOffice Impress, wadda kyauta ce, tana da irin wannan tsari mai suna *Presenter Console*. Google Slides ta ɗan bambanta: idan aka zaɓi *Presenter view* daga kibiyar da ke kusa da *Slideshow*, bayanan suna fitowa ne a wata taga dabam, kuma mai jawabi ne da kansa zai ja tagar shafuka zuwa bango ya cika fuska da ita, ya bar ta bayanai a laftof.

Bayanan suna tafiya da fayil

*Presenter View* daga bango kawai yake ɓoye bayanai, ba ya cire su daga fayil. Al'ada ce bayan bita mahalarta su miƙo filashi ko su ce a tura musu gabatarwar ta waya, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane shafi, har da mafi ƙarancin farashin da ɗan kasuwa ya ƙudurta zai karɓa, ko amsar da malami ya tanada don tambayar da zai yi wa ɗalibai. Kafin a bayar, sai a fara adana kwafi na biyu da wani suna. A cikin kwafin a shiga *File*, a zaɓi *Info*, sannan *Check for Issues* da *Inspect Document*. Bayan an danna *Inspect*, layin *Presentation Notes* zai nuna cewa an sami bayanai, sai a danna *Remove All* da ke gabansa, a sake adanawa. Abin da aka goge ta wannan hanya ba lallai a iya dawo da shi ba, shi ya sa ake yin aikin a kan kwafi. Idan masu karɓa karantawa kawai za su yi, mayar da kwafin PDF ya wadatar, domin a saitinsa na asali shafukan kaɗai yake ɗauka, sai dai idan an shiga *Options* an zaɓi *Notes pages* da gangan.